Kashi 15 ko kashi 7.6: yadda ake fidda matsakaicin bunƙasar jari a shekara

Tambaya: Malam, ni ne sakataren wata ƙungiyar masu sayen albasa a nan Tawa. Mun fara da jarin sefa miliyan ɗaya. A shekara biyar ga yadda ta kasance: ribar kashi 60 cikin ɗari, faɗuwar kashi 40, ribar 25, faɗuwar 20, ribar 50. Na haɗa na raba biyar, na samu kashi 15 a shekara. Amma kuɗin da ke hannun ma'aji 1,440,000 ne, kuma wani ɗan ƙungiya ya ce in da gaske 15 ne da jarin ya ninka biyu. Har an fara kallon ma'aji. Ina kuskuren yake?

Amsa: Ƙanena, kafin komai ka je ka wanke ma'ajinku a gaban mutane, domin ko dala ɗaya ba ta ɓata ba. Mutumin da ya yi maganar ninki shi ma gaskiya ya faɗa. Jarin da ke ƙaruwa da kashi 15 kowace shekara zai kai 2,011,000 da 'yan kai bayan shekara biyar. Abin da ya karkace shi ne 15 ɗin kansa, kuma hanyar da ka bi ce ta haifar da shi.

Mu bi kuɗin da ƙafa, shekara bayan shekara. Miliyan ɗaya ya samu kashi 60, ya zama 1,600,000. Shekara ta biyu aka faɗi da kashi 40. To kashi 40 na mene ne? Na 1,600,000 ne, wato 640,000, saura 960,000. Ka ga ribar farko 600,000 ce, faɗuwar da ta biyo baya kuwa 640,000, duk da cewa a baki 60 ya fi 40. Shekara ta uku kashi 25 na 960,000 ya ba da 240,000, jari ya koma 1,200,000. Ta huɗu kashi 20 na 1,200,000 ya fita, shi ma 240,000 ne cif, aka dawo 960,000. Ta biyar aka samu rabin 960,000, wato 480,000, aka tsaya a 1,440,000. Daidai da abin da ma'aji ya ce yana hannunsa.

Dubi shekara ta uku da ta huɗu da kyau. Ribar 25 da faɗuwar 20 sun cinye juna ƙurmus, jari ya koma inda ya tashi. A lissafinka kuwa 25 a debe 20 ya bar maka 5, ribar da babu ita a ko'ina sai a takarda. Dalili shi ne kowane kashi yana da nasa gindin da yake zaune a kai. Kashi 25 an auna shi a kan ƙaramin jari, kashi 20 an auna shi a kan babba. Haɗa su kamar haɗa tiya goma na hatsi ne da buhu goma a ce ashirin.

Na taɓa zama a wani taron ƙungiya irin taku, a ƙarƙashin rumfa, gardama ta yi zafi a kan wannan batu, takarda da alƙalami sun kasa kashe ta. Na sa wani yaro ya kawo gyaɗa, muka ƙirga ƙwaya ɗari a kan tabarma. Na ce a ƙara kashi 60, aka ƙara sittin. Na ce yanzu a debe kashi 40. Wani dattijo ya miƙa hannu ya fara ware arba'in, sai na kusa da shi ya riƙe masa hannu ya ce, “Alhaji, ai yanzu ɗari da sittin ne a gabanka.” Aka ware sittin da huɗu. Da aka ƙirga saura aka samu casa'in da shida, rumfar ta yi tsit. In 'yan ƙungiyarku suka ƙi yarda da lambobi, ka gwada musu haka.

Hanyar da ka bi, a tara a raba, ita ce wadda muka saba da ita tun lakol wurin fidda mwayen na ɗalibi, kuma a can daidai take, saboda makin lissafi bai dogara da makin tarihi ba, ana jera su ne a tara. Jari kuwa ninkawa yake yi. Abin da wannan shekara ta bari shi ne shekara mai zuwa za ta yi aiki a kansa. Don haka yana bukatar wani matsakaicin dabam, wanda malaman lissafi ke kira mwayen jewometirik, ni kuma nake ce masa matsakaicin ninki. Tambayar da yake amsawa ita ce: wane kashi guda ɗaya ne, in an maimaita shi kowace shekara har biyar ba tare da ya canja ba, zai ɗauki miliyan ɗaya ya sauke shi a 1,440,000? Duk lambar da ta kasa yin wannan aiki ba ta cancanci a kira ta matsakaicin bunƙasar jarinku ba.

Matakin farko shi ne ka mai da kowane kashi ya zama lambar ninki. Riba ana ƙara ta a kan ɗaya, faɗuwa ana debe ta daga ɗaya. Ribar kashi 60 ta zama 1.60, domin jari ya ninka sau ɗaya da kashi sittin. Faɗuwar kashi 40 ta zama 0.60, domin abin da ya rage ke nan cikin kowane ɗari. Sauran su ne 1.25 da 0.80 da 1.50. A nan mutane da yawa suke tuntuɓe, su rubuta faɗuwar 40 a matsayin 0.40 ko su sa mata alamar debewa. Abin da ake rubutawa shi ne wanda ya saura a hannu. Sai ka ninka su duka biyar:

```
1.60 × 0.60 × 1.25 × 0.80 × 1.50 = 1.44
```

Wannan 1.44 shi ne 1,440,000 a raba da 1,000,000. Ke nan in kana da jarin farko da na ƙarshe, kuma babu kuɗin da ya shiga ko ya fita a tsakani, ba sai ka bi ta kowace shekara ba, raba na ƙarshe da na farko ya wadatar. Duk da haka ina so ka riƙa yin duka biyun. In suka ba da lamba ɗaya littafinku lafiya yake. In suka saɓa, akwai shekarar da aka rubuta kashinta ba daidai ba, ko akwai kuɗin da ya motsa ba a rubuta ba, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a bincika.

Mataki na biyu shi ne neman lambar da in ta ninka kanta sau biyar za ta ba da 1.44. Ita ake kira rasin na biyar a lakol. Ko da ƙaramar na'urar lissafi ta kanti za ka iya samo ta da lalube. Gwada 1.07, ka ninka shi da kansa har ya bayyana sau biyar, za ka samu 1.403, ya gaza. Gwada 1.08, za ka samu 1.469, ya zarce. Amsa tana tsakaninsu ke nan. 1.075 yana ba da 1.436, 1.076 yana ba da 1.442. Ka ga mun kusa taɓa ta, tana dab da 1.076. Ina son wannan lalube ga mai koyo, saboda yana ganin abin da yake nema da idonsa maimakon ya danna maɓalli ya karɓi abin da aka ba shi.

In kana son gajeriyar hanya, buɗe na'urar lissafi ta salularka ka kwantar da ita a gicciye, ko ka nemi sashen da ke da ƙarin maɓallai. Akwai wanda aka rubuta `xʸ` ko `^` a kansa. Ka rubuta 1.44, ka danna shi, ka rubuta 0.2, wato ɗaya a raba biyar. Za ta ba ka 1.07565. Debe ɗaya, saura 0.07565, wato kashi 7.6 cikin ɗari a shekara. A Excel kuma, in na Faransanci ne kamar yadda aka fi samu a ofisoshinmu, ga hanyoyi biyu, kuma ka lura da waƙafi ake rubuta lambar a can maimakon ɗigo:

```
=(1440000/1000000)^(1/5)-1
=MOYENNE.GEOMETRIQUE(1,6;0,6;1,25;0,8;1,5)-1
```

In na Ingilishi ne sunan aikin `GEOMEAN`. Lambobin ninki ake ba shi. In ka zuba masa 60 da 40 mai alamar debewa zai ƙi, ya nuna kuskure, domin ba ya karɓar sifili ko abin da ke ƙasa da sifili.

Yanzu a gwada amsar, kuma kada ka taɓa tsallake wannan. Miliyan ɗaya sau 1.07565 ya ba da kimanin 1,075,700. A sake ninkawa, 1,157,000. A sake, 1,244,600. A sake, 1,338,700. Na biyar ya sauka a 1,440,000. Ta kai mu gida. Kashi 15 ya wuce gida da fiye da jika ɗari biyar da saba'in, kuma wannan giɓin ne ya sa ake yi wa ma'aji kallon da bai kamata ba.

Wani zai tashi a taro ya ce, to ai jari ya ƙaru da kashi 44 a jimla, a raba biyar mana, 8.8. Ya fi 15 kusa da gaskiya, amma shi ma bai tsira ba. Ka gwada shi: 1.088 sau biyar yana kai miliyan zuwa kusan 1,524,600. Ya manta cewa ribar kowace shekara tana shiga jari ta haifi tata ribar, don haka kashin da ake bukata ya fi 8.8 ƙanƙanta.

Akwai abin da nake so ka riƙe game da nisan da ke tsakanin 15 da 7.6, domin ya shafi sana'arku kai tsaye. Matsakaicin ninki bai taɓa fin na tarawa ba. Suna zama ɗaya ne kawai in duk shekarun kashinsu iri ɗaya ne, kuma gwargwadon yadda shekarun ke hawa da sauka, gwargwadon yadda tazarar ke buɗewa. Ɗauki 'yan kasuwa biyu. Na farko ya samu kashi 20 bana, kashi 10 baɗi. Na biyu ya samu kashi 60 bana, ya faɗi da kashi 30 baɗi. In an tara an raba, dukansu 15 ne. Amma jarin na farko ya ninka 1.32, wato kashi 14.9 a shekara, na biyu kuwa 1.12, kashi 5.8 kacal. Albasa kuwa kowa ya san halinta. A lokacin cira kasuwar Galmi takan cika ta batse buhu ya yi arha, bayan wasu watanni ya yi tashin gwauron zabo, wata shekara kuma rabin abin da ke cikin rudu ya ruɓe kafin mota ta ɗauka zuwa Akara ko Abijan. A sana'a mai irin wannan hawa da gangara, a tara a raba zai riƙa yi muku daɗin baki kullum, kuma kullum ta gefen sama. Shi ya sa faɗuwar kashi 40 take bukatar ribar kusan kashi 67 kafin a dawo inda aka tashi, faɗuwar rabi kuma sai an ninka biyu. Abin da za ku kashe don rage ruɓa a shekara mara kyau yakan fi ƙarin riba a shekara mai kyau amfani ga jari.

Sai batun ƙirga shekaru, wanda ni kaina ya taɓa kayar da ni a wani rahoto, sai da aka dawo mini da shi. A littafinku akwai lambobi shida: jarin farko, da jarin ƙarshen kowace shekara biyar. Mai gaggawa zai ƙirga layuka ya ga shida ya sa ɗaya bisa shida, ya samu kashi 6.3. Abin da ake ƙirgawa shi ne tazarar da ke tsakanin layukan, kamar shingen da ke da dirka shida amma tsakani biyar. Kuma tazarar ba dole ta zama cikakkun shekaru ba. Ƙidayar jama'ar Nijar misali ce mai kyau. Ta 2001 ta samu mutum miliyan 11.06, ta 2012 ta samu miliyan 17.14. A raba, ninkin ya zama 1.55. In ka ce 2012 a debe 2001 shekara 11 ne, za ka samu kusan kashi 4.1 a shekara. Amma ƙidayar farko an yi ta ne wajen tsakiyar 2001, ta biyu kuma a watan Disamba na 2012, tazarar kimanin shekara goma sha ɗaya da rabi ce. Ka sa ɗaya bisa 11.5, sai ga kashi 3.9, lambar da hukuma ta bayyana. Rabin shekara kawai ya motsa amsar haka. To ka duba littafinku: in kun fara a watan Maris kuka rufe lissafin ƙarshe a Disamba, shekarunku ba biyar cif ba ne, ka ƙirga watanni ka raba da 12.

Abin da ya fi damuna a ƙungiyoyi irin taku kuwa shi ne kuɗin da ke shiga da fita. Duk abin da muka yi a sama ya tsaya ne a kan cewa miliyan ɗin nan shi kaɗai ya yi ta juyawa, ba wanda ya ƙara, ba wanda ya ɗiba. Mu ɗauka a farkon shekara ta biyar sababbin mutane sun shigo da 200,000. Jarin da aka fara shekarar da shi ya zama 1,160,000 ke nan. In an rufe da 1,440,000, ninkin shekarar 1.24 ne, ribar kashi 24, ba 50 ba. Ka mayar da shi cikin jerin a madadin 1.50, ninkin shekara biyar ya koma 1.19, matsakaici ya sauko zuwa kashi 3.6. Kuɗin da aka zuba daga aljihu ya sa rigar riba ya ninka muku sakamako fiye da biyu. Haka nan ta ɗaya gefen: in kun raba wa 'yan ƙungiya wani abu a ƙarshen shekara, ko kun fitar da zakka daga jarin, wannan riba ce da kasuwanci ya samar, sai a mayar da ita kan jarin ƙarshen shekarar kafin a fidda ninkinta, sannan shekara mai bi ta fara daga abin da ya rage a zahiri. A irin wannan hali gajeriyar hanyar raba ƙarshe da farko ba ta aiki, dole a fidda ninkin kowace shekara dabam sannan a ninka su. In kuɗin ya shigo a tsakiyar shekara, a yanka shekarar biyu a ranar da ya shigo, a fidda ninkin kowane yanki. Wannan yana bukatar ku san darajar kayan da ke ajiye a ranar, don haka ina ba da shawara ku tsayar da lokaci guda a shekara na shiga da fita, ranar rufe littafi.

Ba na so ka tafi da tunanin cewa a tara a raba ba shi da wuri ko kaɗan. Da a ce kowace shekara kuna raba ribar duka, in an faɗi kuma ku cike giɓin daga aljihu, a sake farawa da miliyan ɗaya cif, to da kashi 15 shi ne gaskiya: 600,000 a debe 400,000, a ƙara 250,000, a debe 200,000, a ƙara 500,000, jimla 750,000, wato 150,000 a shekara. A nan gindin bai canja ba, don haka kason suna taruwa. Ku kuwa kun bar kuɗin yana juyawa.

Ko 7.6 ɗin ma ka san iyakarsa. Ƙarshen zaren biyu kawai yake gani, inda aka fara da inda aka tsaya. Da kun rufe lissafi a ƙarshen shekara ta huɗu, jari yana 960,000, da amsar ta zama faɗuwar kusan kashi 1 a shekara. Da kuma wani ya zaɓi ya fara ƙirga daga ƙarshen shekara ta biyu, daga 960,000 zuwa 1,440,000 a shekara uku, da ya zo muku da kashi 14.5. Littafi ɗaya ne, ba wanda ya yi ƙarya a lissafi, wurin farawa kawai aka sauya. Duk wanda ya kawo muku matsakaici, ko mai neman ku zuba kuɗi a harkarsa ne, ku tambaye shi daga wace shekara zuwa wace, kuma yaya shekarar farkon ta kasance. Sannan babu shekara ko ɗaya cikin biyar ɗinku da aka samu kashi 7.6, kuma lambar ba ta yi alkawarin baɗi ba. Ba ta kuma ce komai game da tsadar kaya. In a misali farashin abubuwan da kuke saye yana hawa da kashi 3 a shekara, ka raba 1.0757 da 1.03, abin da jarin ya ƙaru da shi ta fuskar abin da zai iya saya kashi 4.4 ne.

Ga abin da zan rubuta da ni ne sakatare. Jari ya tashi daga 1,000,000 zuwa 1,440,000 cikin shekara biyar, ƙarin kashi 44 a jimla, daidai da kashi 7.6 a kowace shekara. A ƙarƙashinsa in jera jarin farko da jarin ƙarshen kowace shekara, shida ɗin nan duka, domin kowa ya ga sau biyu jari yana sauka ƙasa da miliyan. Ga mai maganar ninki kuma akwai amsa a shirye: raba 70 da kashin yana ba da kimanin shekarun da jari zai ninka biyu, 70 a raba 7.6 ya haura tara kaɗan, don haka a wannan tafiya sai wajen shekara tara da rabi daga ranar da kuka fara. Kafin taron, ku zauna kai da ma'aji ku bi littafin shafi shafi, ku fitar da duk ranar da wani ya zuba kuɗi ko aka raba wani abu. In kun samu ko guda ɗaya, ka aiko mini da ranar da adadin, mu sake fidda ninkin wannan shekarar.